Koren wake ba ya tsira a cikin ruwa

«Na bar koren wake a ruwa kwana uku don ya tsiro, sai ya yi wari. Ko irin ne ba shi da kyau?»

Galibi ba laifin iri ba ne, domin ƙwaya tana bukatar iska kamar yadda take bukatar danshi, kuma idan ta daɗe a nutse sai ta shaƙe ta ruɓe. Jiƙo na awa 8 zuwa 12 ne kawai. Daga nan a tsane ruwan sarai, a zuba waken a matsami, a rufe da tsumma mai tsabta, a ajiye a inuwa.

Wajen ɗauraya ake yawan kuskure. A zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu sau biyu a yini ba ya isa, gara a ɗauraye sau uku ko huɗu da ruwan sha, a tsane kowane karo. Rabin kofi ya ishi matsami guda, domin idan an cika shi na tsakiya yana ɗumama ya lalace.

Cikin kwana biyu zuwa uku farin tsiro zai fito. Idan ya yi yauƙi ko warin tsami a zubar, mai kyaun ma a dafa shi kafin a ci, musamman ga yara da masu juna biyu.