Wasan cankar kalma mai harafi biyar: inda tsarin Turawa ba zai yi wa Hausa ba

A nan Birtaniya inda nake zaune, wasan Wordle ya zame wa mutane da yawa abin yi da shayin safe tun da Josh Wardle ya sake shi a Oktoban 2021, kafin jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Kalma ɗaya a rana, harafi biyar, canka shida. Harafin da ya faɗa gurbinsa ya yi kore, wanda yake cikin kalmar amma a wani gurbi ya yi ruwan ɗorawa, wanda babu shi ya yi toka-toka. Masu son yin na Hausa sukan ɗauka abin da ya rage kawai shi ne a zuba kalmominmu a cikin manhajar. A ganina wannan ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda gizo ke saƙar shi ne a yanke abin da ake kira harafi ɗaya, da kalmar da ta cancanci zama amsa.

Mu fara da madannai. A cire p, q, v da x, a sa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga an koma harafi 26 cif, adadin na Ingilishi. Masu wasan Fotigis sun sauƙaƙa wa kansu: ka rubuta harafi tsurarsa, manhaja ta ɗora masa alamar da ke samansa. Mu wannan hanyar ba za ta ɓulle mana ba, don ƙugiya ba ado ba ce. Karya daban, ƙarya daban. Daure daban, ɗaure daban. Duk wanda ya haɗe su a maɓalli ɗaya don a ji daɗin bugawa ya koya wa yara kuskuren da malaman Hausa suka daɗe suna fama da shi. Gara mu bi Sifaniyawa da suka ba ñ maɓallinsa. Abin da zan ƙara, wanda Turawa ba su buƙata, shi ne launi na huɗu: idan mutum ya sa d a gurbin da ɗ yake, gurbin ya yi shuɗi, alamar ya kusa, ƙugiya ce ta rage.

Sai tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gy, kw, ƙw. A yankin Wales, masu wasan cike gurbi a harshensu suna zuba ll ko ch a gurbi ɗaya, domin a haka aka koya musu abacada. Idan muka bi su, tsuntsu da kyanwa da ƙwarya za su zama masu gurbi biyar, tsoro da shanu da gyaɗa kuma su koma huɗu. A ilimin furuci wannan ne daidai, amma ba na goyon bayansa. Mai wasa a waya abin da idonsa ya gani yake ƙirgawa, kuma ƙa'idar rubutunmu ma tana raba tagwayen idan baƙi ya ninku: muna rubuta kyakkyawa da tsattsauran, harafin farko kaɗai muke maimaitawa. Sannan madannai za su haura talatin, allon waya ya cushe. Bugu ɗaya, gurbi ɗaya, shi ne ya fi.

'Y kaɗai zan ware. Najeriya na rubuta 'yanci, Nijar na rubuta ƴanci, sauti ɗaya ne, don haka a ba shi gurbi ɗaya a cikin manhaja, kowa ya zaɓi siffar da za a nuna masa. Matsalar da ke kama masu haɗa manhaja a nan ita ce waƙafin sama ba iri ɗaya ba ne a na'ura. Akwai miƙaƙƙe, akwai masu lanƙwasa biyu da waya ke sauyawa da kanta, akwai na huɗu da masana harshe ke sawa. Ido ba ya rarrabe su sosai, na'ura kuwa tana ganin haruffa huɗu dabam, sai ta ce kalmar da ke cikin jeri babu ita. A daidaita kowace kalma kafin a ƙirga tsawonta:

```js
w.normalize("NFC").toLowerCase().replace(/['‘’ʼ]y/g, "ƴ")
```

Kalmomi masu hamza a ciki, irin su ma'ana, sana'a da addu'a, a bar su a waje tukuna. In ka ƙirga hamzar sun zama shida, in ka jefar da ita ka ɓata rubutu.

Yanzu jerin kalmomi, kuma jeri biyu ne. Wordle na asali yana da amsoshi 2,315 da aka tace da hannu, da wasu kalmomi 10,657 da ake karɓa in an canka amma ba sa taɓa zama amsa. Wannan rabon ya fi yi mana amfani fiye da yadda ya yi wa Ingilishi. Idan ka sa na'ura ta tsamo kalmomi masu harafi biyar daga labaran jarida, abin da zai cika maka kwando shi ne gidan, motar, ruwan, ranar, wato kalmomi masu harafi huɗu da suka ɗauki n ko r na mallaka. Duk Hausa ce, a karɓe su a jeri na biyu, amma kada su zama amsa. Ƙamus kuma nasa aibin daban ne. Na Bargery na 1934 rumbu ne, sai dai cike yake da kalmomin da matashin Kano ko Maraɗi bai taɓa ji ba, kuma yana nuna tsawon wasali da wata ƙa'ida da ba ita ake bi a rubutun yau da kullum ba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya fi dacewa a auna rubutu da shi. Amsoshi 1,000 sun ishi wasa shekara biyu da wata tara, kuma mutum uku daga yankuna daban za su iya karance su a mako guda. Duk kalmar da biyu cikinsu ba su sani ba, ta koma jeri na biyu.

Akwai wani abu a ginin kalmar Hausa da ke sauya wasan gaba ɗaya. Gaɓarmu baƙi da wasali ce, wani lokaci da baƙi ko wasali na biyu a rufe, kuma yawancin kalmomi da wasali suke ƙarewa. Saboda haka mai wasa ya san tun kafin ya fara cewa gurbi na biyar kusan kullum a, e, i, o ko u ne, na biyu ma sau da yawa haka. Kamar sauƙi ne, amma tarko ne. Ɗauki ranar da amsa take ɗaure. Mutum ya fara da sauri: s toka, a da u da r duk kore, i toka. Harafi uku a canka ɗaya, sai ya ji ya gama. Abin da ya rage kuwa: daure, ɗaure, ɗaura, ɗauro, zaure, ɓaure, taure, taura, haure, haura, ƙaura, kaura. Kalma goma sha biyu, canka biyar. In ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sa'a ce kawai za ta fisshe shi. Gwani zai sadaukar da canka guda ya buga kwaɗo, ko da ya san ba ita ba ce: k da w da o su yi toka, a da ɗ su yi ɗorawa, saura ɗaure da ɗaura. Darasin ga mai tsara wasa biyu ne. Kada a tilasta wa kowa dokar nan mai tsauri da ke cewa dole ka ci gaba da amfani da harafin da ka gano, don a Hausa tana rufe wannan mafitar. Sannan kowane aikatau ya shiga jerin amsa da siffa ɗaya tak. Ɗauka, ɗauki, ɗauke, ɗauko da ɗauku duk a karɓe su, amma ɗaya ce za ta iya zama kalmar rana.

Baƙi mai ninki ma ya fi yawa a wurinmu: hannu, kunne, dabba, sannu. A gwada manhaja da amsar hanya da cankar sannu. N na farko kore, na biyu dole ya yi toka, don n ɗaya ce a hanya. In ya yi ɗorawa, lissafin launi ya karkace: ana fara raba kore, a cire haruffan da aka cinye, sannan a raba ɗorawa daga abin da ya saura.

Kan kalmomin aro ba na tare da masu cewa a tsarkake jeri. In ka kori aro, ka kori laifi, hujja, asali da amana na Larabci, ka kori agogo na Yarabanci, wasan ya rame. Ma'aunin da na yarda da shi: kalma ta zauna a gaɓar Hausa, kuma ta yi jam'i irin namu. Tebur ya ba da tebura, banki bankuna, agogo agoguna, sun zama 'yan gida. Wadda har yanzu sai an rubuta ta da p ko v, madannai ma sun riga sun hana ta shiga. Wahalar tana ga iyaka. Abin da ɗan Zariya ke kira biro, ɗan Damagaram bik yake cewa, makarantar boko kuma lakwal. Mushe a Nijar na iya zama malamin makaranta, daga Faransanci, a Kano kuwa dabbar da ta mutu ba yanka ce. Tun da wasan ba ya tambayar ma'ana, mushe ta tsira a ɓangarorin biyu. Aron da gefe ɗaya kaɗai ya sani, wurinsa jeri na biyu.

Bambancin rubutu shi ne zai fi jawo ƙorafi. Ranar da Wordle ya ba da favor, rubutun Amurka, mutanen nan ƙasar sun yi ta gunaguni, don su da u suke rubuta ta, harafi shida. Namu ya fi haka yawa: barci da bacci, zauna da zamna, fuska da huska, biyar da biyat, kunya da kumya, kowace biyu harafi biyar-biyar. Wasu kuma tsawon ne ke sauyawa: ilimi da ilmi, malam da mallam, salla da sallah. A nan dole a bambanta abu biyu. Huska da zamna da biyat karin harshe ne na Sakkwato da Katsina da Nijar, Hausa ce ingantacciya, wasan da ya ce wa Basakkwace babu kalmarsa ya zage shi. A karɓe su, a yi musu launi kamar kowace canka. Chinya a madadin cinya, ko qarya a madadin ƙarya, kuskuren rubutu ne, sai manhaja ta nuna daidai ba tare da ta cinye wa mutum canka ba. Amsa kuwa ta tsaya a daidaitacciyar Hausa, a faɗa wa kowa haka tun a shafin farko. Inda rubutu biyu suka yi kunnen doki a ita kanta daidaitacciyar, kamar barci da bacci, ni cire su nake gani ya fi daga jerin amsa, don wanda ya buga bacci a canka ta shida aka ce masa barci ce, ya san kalmar, kuma ba zai yarda an yi masa adalci ba.