Ya ce min ram ɗinta shida, ashe uku da uku ne

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Wata biyu ke nan da na je Titin Falasɗinu a nan Jidda, na shiga shagon wani ɗan'uwanmu Bahaushe, don ina ganin na gida ba zai cuce ni ba. Abu ɗaya na tambaye shi: wayar nan za ta ɗauki gem ɗin PUBG tare da manhajojin da nake aiki da su? Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Yaya, ram ɗinta shida fa! Ko biyu ka zuba za ta ɗauka." Na ƙirga riyal ɗari huɗu na ba shi, kuɗin gumina na tuƙi.

A kwali an rubuta giga 32. Da na buɗe Settings na shiga Storage, sai na tarar Android da tarkacen da aka zubo tun daga kamfani sun cinye kusan 11, tun ban saka komai ba. Ram ɗin nan shida kuwa, a About phone na ga an rubuta 3GB+3GB. Uku ne na gaske. Sauran ukun daga cikin wancan 32 ɗin aka yanko aka laƙaba musu suna ram, alhali ma'ajiyar waya ba ta kama ƙafar ram a sauri. An rage min wurin ajiya, an kuma sayar min da ragin a matsayin ƙari. Ko ba haka ba ne?

Saura 18 ke nan. Duk mai iƙama a ƙasar nan ya san ba ya rabuwa da Absher da Nafath da Tawakkalna, ga manhajar banki, ga taswirar da nake bi da fasinja, sun tashi kusan 3. WhatsApp shi kaɗai ya haɗiye 6, saboda zauren danginmu na Kano ba a kwana ba a turo bidiyon biki ko wa'azi ba. Hotunan yara 2. Abin da ya rage 7.

Gem ɗin kuma girman da kake gani a Play Store somin-taɓi ne. Giga ɗaya da 'yan kai ka sauke, kana buɗewa ya fara jan filayen wasa da sautuka da kayan sawa, kafin sati ya kai 6 a wajena. Da sabuntawa ta zo sai ta ƙi shiga, domin sai an sauke sabon an warware shi tsohon yana nan zaune, wato ana bukatar fili fiye da girman sabuntawar kanta. Kullum ga saƙon nan a sama: Storage space running out. Na sayi katin mimori mai 64, nan ma asara ce. Hotuna da bidiyo sun koma can, amma gem ya ce shi a cikin waya zai zauna, wayar ba ta ma ba da zaɓin mayar da shi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ram ke yi min. Ma'ajiya kamar rumbu ce, ram kuma faifan da kake tsince hatsi a kai, in faifan ƙarami ne girman rumbu bai amfana maka komai ba. A cikin ukun nan Android ya riƙe kusan rabi, gem yana son sauran duka. To da zarar ka fita ka leƙa wata manhaja, waya sai ta kashe wadda ka bari a baya don ta sami wuri. Daren Juma'a muna tsakiyar wasa da abokaina, saura mu ƙalilan a fili, matata ta turo saƙo. Daƙiƙa goma ban yi ba wajen amsawa, na dawo na tarar gem yana tashi daga farko, an riga an harbe ni. Wannan wasa ne, a bar shi. Washegari ina da fasinja zuwa filin jirgi, na amsa kira, taswira ta mutu, sai da na faka gefen titi na sake buɗe ta, mutumin yana duba agogo yana harara ta. Wayar ta cika maƙil, ta yi zafi kamar dutsen guga, ko lamba na danna sai ta yi tunani.

Na koma shagon jiya. Ko kunya babu, ya ce, "Yaya, ai sai ka goge WhatsApp, ko ka koma Free Fire, shi ba ya da nauyi." Na ce da ka faɗi haka ranar, da na ƙara kuɗi na ɗauki mai giga 128 da ram shida na gaske. Ya ce yana da ita, in kawo tawa ya karɓa a riyal ɗari da hamsin, wai ai ta zama ta hannu.