Ƙannena, ku daina yanka tasha ɗaya gida uku

Jiya wani ƙanina mai gyaran waya a Tudun Wada nan Gombe ya miƙo min wayarsa yana murna wai yaya duba ka gani, na buɗe sabbin tashoshi biyu a YouTube. Wallahi raina ne ya ɓaci. Yaron nan yana da mabiya wajen 800, ya tara awa kusan 2,600 ta kallo da bidiyon canza sikirin, da na bayanin sabbin wayoyi, da ɗan sharhin ƙwallo da yake jefawa jefi-jefi, kawai don ya ga wani babba yana da tasha huɗu sai shi ma ya raba tasa uku. Har ya goge bidiyon bayanin wayoyi daga tsohuwar ya ɗora a sabuwar.

Shin kun san abin da ya yi wa kansa? Kafin YouTube su fara raba kuɗin talla da kai sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 cikin wata 12, kuma kowace tasha nata ake ƙirga mata, ba a haɗawa. Awa 4,000 minti 240,000 ne, in mutum yana tsayawa minti 4 a bidiyonka kana buƙatar kallo 60,000. A tasha ɗaya fa kenan. Bidiyon da ka goge kuwa awanninsa sun bi shi, mabiyan ma ba a ɗibarsu a zuba a sabuwar tasha, daga sifili za ka faro. Mutum ya kusa isa ya juyo da ƙafarsa, sauri ya haifi nawa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, ga data da tsada ga wuta ba kullum ba, bidiyo ɗaya a sati da ƙyar kake fitarwa, wa zai ciyar da sauran?

Tambayar da ba kwa yi wa kanku ita ce, mutumin da ya kalli wannan shi ne zai kalli wancan? Wanda ya zo koyon gyaran wajen caji zai so ya ji wace waya ce batirinta ke jurewa, mutum ɗaya ne, to me ya kawo rabuwa? Ka yi musu Playlists biyu ka bar su a gida ɗaya. Mai shago ba ya kama wani shagon don caja daban da iyafis.

Ƙwallon ce kaɗai abin dubawa, ita ma ba da ka ake yankewa ba. Shiga YouTube Studio, ka taɓa Analytics, ka ɗauki bidiyon ƙwallo biyar da na waya biyar ka jera. Duba cikin waɗanda aka nuna wa hoton bidiyon nawa suka danna, minti nawa suka tsaya, da ko mabiya na raguwa duk ranar da ka saka ƙwallo. A Audience za ka ga tashoshin da mutanenka ke kallo in sun kai yawan da zai nuna. In ka tarar duk na waya ne, kuma ƙwallon kullum tana kwance, to jama'arka biyu ce. Ko a nan ɗin ma akwai dabara, in kana ɗorawa ta kwamfuta ka cire alamar da ke kan "Publish to subscriptions feed and notify subscribers", bidiyon ya fita ba tare da an dami tsofaffin mabiyanka ba. Amma wa zai tsaya karanta wannan, kowa yana guruf ɗin WhatsApp yana roƙon a danna min in danna maka. Wannan ma wata cutar ce, ka tara mutum ɗari uku da ba sa kallonka sai sunan kana da mabiya.

Ban ce tasha ta biyu haramun ba ce. Mai yin Hausa da Fulfulde kamar yadda muke da su nan, in ya ga rabin masu kallo suna ficewa da zarar ya sauya harshe, ya raba. Mai karatun yara shi ma ya raba, don bidiyon da aka sa wa "Made for kids" ana rufe masa wajen sharhi, ba ya zama da na manya. Sai dai bayan ta farkon ta tsaya da ƙafarta, kuma kana da bidiyo a ajiye da za su riƙe sabuwar ko na wata biyu ne.

Abin da ke damuna shi ne haƙurin ya ƙare mana. Da can yaro sai ya shekara biyar a gaban ubangidansa yana miƙa sukudireba kafin a yaye shi, ko an yaye shi ɗin ma sai ya nemi shawara kafin ya kama rumfa. Yanzu wata uku da sayen fitilar ɗaukar bidiyo ya zama shugaban kamfani mai tasha uku, kowacce da tambarinta, babu wadda aka ɗora wa komai tun bayan sallah.