Ado ya maye gurbin kalma, kada ya hau kanta

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu son mayar da zube ya yi daɗin kunne shi ne ɗaukar adon harshe a matsayin ƙari. Sai marubuci ya bar jimlarsa yadda take, ya rataya mata sifa biyu da kamantawa ɗaya, ya ce ya yi salo. Ra'ayina shi ne duk adon da bai kori wata kalma ya zauna a gurbinta ba, kaya ne kawai aka ɗora wa mai karatu. Ga misali, tun daga ɗanyensa har ya nuna.

Wannan shi ne sakin layin da za mu yi aiki a kansa: "An yi wata uku ba a yi ruwan sama ba. Rijiyoyin ƙauyen sun kafe, manoma kuma sun damu. Ranar Laraba da daddare aka yi ruwa na awa biyu. Da safe mutane suka fita gonakinsu."

Kalma 34 ce. Kafin a taɓa ko ɗaya, a fara lissafa abin da sakin layin ya faɗa, a rubuta a gefe. A nan abu 6 ne: wata uku babu ruwa, rijiyoyi sun kafe, manoma sun damu, ruwan ya zo Laraba da daddare, ya yi awa biyu, da safe an fita gona. Wannan jerin shi ne alƙalin aikin. Sannan a yanka wa kai iyaka: sabon rubutun kada ya wuce na farko da fiye da kashi ɗaya cikin uku, wato kalma 45 a nan. Ba doka ba ce daga wani littafi, ma'auni ne na aiki, kuma amfaninsa shi ne yana tilasta wa marubuci ya zaɓa.

Dubi abin da kan fito idan ba a yi haka ba: "Tsawon wasu watanni masu tsananin ƙunci da baƙin ciki, sararin samaniya ya rufe ƙofofinsa kamar marowaci, ƙasa tana kuka da hawayen jini, zukatan al'umma suna ƙonewa kamar wutar daji. Kwatsam, cikin wani dare mai albarka, gizagizai suka yi ta zubar da lu'ulu'u har duniya ta nutse cikin tekun farin ciki."

Kalma 50, amma wata uku ya koma "wasu watanni", rijiyoyi sun ɓace, Laraba ta ɓace, awa biyu ta ɓace, ba manomi ba gona. Rubutun ya ƙara tsawo, labarin ya ragu. Hotunan ma suna faɗa da juna: marowaci, jini, wutar daji, lu'ulu'u, teku, kowanne daga duniyarsa. Mafi muni, ƙasar da ake cewa ta bushe an ba ta hawaye, wato an jiƙa ta a daidai inda ake son mai karatu ya ji ƙishinta. Kambamawa kuma ta shigo da abin da ba a faɗa ba, domin damuwar manoma daban, ƙonewar zukatan al'umma daban.

Gyaran yana farawa daga aikatau. A sakin layin farko "yi" ta fito sau uku, kuma ba ta nuna wa ido komai. A nan ne wurin ado yake. "An yi wata uku ba a yi ruwan sama ba" kalma 10 ce. "Wata uku sama ta kame bakinta" kalma 6 ce, ta faɗi abu guda, ta kuma ba sama halin mutum. Mutuntarwar ta rage tsawo maimakon ta ƙara. Tunda an zaɓi baki, to a riƙe shi har ƙarshe: saman da ta kame baki ita ce za ta buɗe shi, ruwan kuma ya zama magana. Hoto ɗaya ya ishi sakin layi mai jimla huɗu.

Abin da ba a gani kuma sai a nemo masa abin da ake gani. Damuwa ba ta da siffa, amma ɗaga kai a dubi sama a sunkuyar tana da ita. Kafewar rijiya ana ganinta a gugan da ya dawo babu komai. Abin lura shi ne guga da sawu duk daga cikin duniyar labarin suka fito, ba a aro su daga wani wuri ba, shi ya sa ba su zo da baƙuwar ma'ana ba.

Ga zubin farko: "Wata uku sama ta kame bakinta. Guga ya sauka rijiya, ya dawo wayam, manomi ya ɗaga kai, ya sunkuyar. Sai daren Laraba ta buɗe baki, awa biyu cur tana magana da ƙasa. Gari na wayewa, hanyar gona ta cika da sawu."

Yana da daɗi, amma jerin nan na gefe ya kama shi da laifi biyu. Kalmar ruwa ba ta fito ko sau ɗaya ba, hoton ya haɗiye ainihin abin da ya faru. Sannan "daren Laraba" mutane da yawa za su ɗauka daren da Laraba za ta waye ne, wato Talata da daddare, an matsar da ruwan da kwana guda saboda neman gajarta. Sai jimla ta uku ta koma: "Sai Laraba da daddare ta buɗe baki, awa biyu cur ruwa na magana da ƙasa." Jimilla kalma 43, abu 6 ɗin nan kowanne yana wurinsa. Ita ma "cur" a kula da ita: da na farko cewa ya yi "kusan awa biyu", da sai a cire ta, domin ta yi rantsuwa a kan abin da ba a tabbatar ba.

Kari kuwa, wato yadda sautin jimloli ke tafiya, da kunne ake auna shi, sai an karanta da ƙarfi. Jimlolin sun zo da kalma 6, 13, 15, 9: gajera ta buɗe, biyu suka miƙe, ta ƙarshe ta sauko. A jimla ta biyu ɓangarorin sun yi tagwaye, ya sauka ya dawo, ya ɗaga ya sunkuyar, kuma kowanne ya tsaya a gaɓar da ta rufe da baƙi, wayam da sunkuyar, sai murya ta sami wurin dira. Amsa-amo a ƙarshen kowace jimla ban ba da shawararsa ba a zube, don da zarar an fara shi, sauti ne zai riƙa zaɓen kalma, ma'ana ta biyo baya. Amsa-kama irin su wayam da cur suna da ƙarfi ƙwarai, biyu sun isa a sakin layi irin wannan.

Akwai masu cewa wannan tsantseni yana shaƙe waƙa, cewa salo mai armashi yana son fili da maimaitawa. Suna da gaskiya a wani wuri: idan marubuci labarin kansa yake ƙagawa, yana da ikon tsayawa a kan rijiyar nan shafi guda. Amma wanda aka ba sakin layi ya sake masa tufa amana aka ba shi, kuma maimaitawa ma halal ce muddin tana ɗauke da sabon abu, kamar yadda "ya sunkuyar" ta ɗauko damuwar manomi. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: a ba wanda bai ga na farko ba sabon rubutun, a ce ya faɗi abin da ya faru. Idan ya kawo abu 6, an gama. Idan ya kawo 4, ado ya cinye biyu. Idan ya kawo 8, marubuci ya ƙara biyu daga aljihunsa, sai ya koma ya nemo jimlar da ta shigo da su.