Ranar da Uwargida ta ƙirga dukiyata da masara

Na daɗe ina cika baki a majalisa cewa kuɗina wuri takwas suke: riɗi, zoɓo, raguna, da hannun jarin kamfanoni biyar da ƙanena ya saya mini ta waya. Har laƙabi aka sa mini, wai Mai Rassa.

Wata Alhamis na dawo daga kasuwar Maigatari na ce wa Uwargida riɗi ya fara sauka, amma ni ko a jikina. Ita uwar adashi ce, ba ta yarda da lissafin baki. Ta ɗauko faifai, ta ƙirga ƙwayar masara 100.

"Malam, faɗa mini kuɗin kowanne. Farashin yau nake so, ba wanda ka saya ba."

Na faɗa. Riɗi naira miliyan 1 da dubu 200, zoɓo dubu 300, raguna dubu 300, hannun jari dubu 200. Jimla miliyan 2, wato kowace ƙwaya dubu 20 ke nan. Ta tara 60 ta ce riɗi, ta ware 15 zoɓo, 15 raguna. Goman da suka rage ta raba su bibbiyu, kowane kamfani ya samu ƙwaya 2.

Na tsura wa bibbiyun nan ido. Saboda su nake hawa katanga neman sabis kullum da safe, har na taɓa yaga wando! Ashe ko ɗaya ya rushe gaba ɗaya, dubu 40 ce ta tafi, kashi 2 cikin 100. Ɗakin riɗin kuwa, na fi wata ban leƙa ba.

"Idan riɗi ya sauka da kwata fa?" in ji ta. Ta zare 15 daga cikin 60 ɗin, ta ajiye kusa da tarin raguna. Kai ɗaya suka yi. Dubu 300, tamkar an kwance duk ragunan da na yi wata huɗu ina saya wa dusa.

Na ce ai zoɓo zai rufa asiri. Ta tambaye ni wa ke sayen zoɓon. Na ce dillalan Dawanau masu fitar da kaya waje. Riɗin fa? Na yi shiru. Su ne dai, kuma idan dala ta sauka tare suke rage farashi. Ta tura tarin zoɓo cikin na riɗi, ta mayar da 15 ɗin da ta zare, suka zama 75.

"Rassanka takwas, Malam, amma uku cikin huɗu a reshe ɗaya suke lilo."

Ina neman amsar da zan kare mutuncina, kazar maƙwabta ta faɗo faifan. Ba ta ko kalli kamfanonina ba, babban tarin ta nufa. Na bi ta da takalmi har zaure, Uwargida na kirana daga baya:

"Dawo mu ƙirga, mu ga nawa ta ci maka!"

Ƙwaya 11. Dubu 220.