Nasiha ga mai kwana a kan gem har Asuba ta wuce shi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa masu daraja, musamman matasa, wannan nasiha ce game da wasan gem, na waya ne ko na gidan gem da ake biya a buga ƙwallo. Ba manufarmu mu ce duk wanda ya taɓa wasa ya yi laifi ba, domin rai yana buƙatar hutu, kuma malamai da yawa sun yi sauƙi a kan wasan da babu caca ko alfasha a cikinsa matuƙar bai hana wajibi ba. Abin da ya kamata kowa ya tambayi kansa shi ne: mene ne wasan nan ya ture daga wurinsa kafin ya samu gurbin da yake zaune a ciki? Yawan sa'o'i kaɗai ba ya ba da amsa, domin ɗalibin da yake hutun makaranta yana iya yin sa'a biyu ba tare da ya tauye kowa ba, alhali wani sa'a ɗaya ce tak take cinye masa sallar Magariba kullum.

Alamar da ta fi saurin bayyana tana cikin barci. Mu ɗauki matashin da yake jiran tsakar dare domin datar dare ta fi araha, kuma abokan da suke haɗa tawaga a PUBG Mobile ko Free Fire a lokacin suke hawa. Ya fara da ƙarfe goma sha biyu da niyyar zagaye biyu, sai aka fitar da shi da wuri a na farko, ya ce ba zai kwanta da haushin rashin nasara ba. Da ya ci na gaba kuma sai ya ce hannu ya faɗa, bai kamata a tsaya yanzu ba. Ƙarfe biyu da rabi ya ajiye waya. Idan ana kiran Asuba wajen ƙarfe biyar, barcinsa bai wuce sa'a biyu da rabi ba, alhali likitoci suna cewa baligi yana buƙatar aƙalla sa'a bakwai, ɗan shekara goma sha uku zuwa goma sha takwas kuma sa'a takwas zuwa goma. Ladan zai kira, ƙararrawar waya za ta kaɗa, shi kuwa ba zai farka ba sai rana ta fito.

A nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu da cewa barci uzuri ne. Gaskiya ne ya tabbata a hadisi cewa babu sakaci a cikin barci, kuma wanda barci ya ɗauke shi ya yi sallar idan ya farka. Amma malamai sun bambanta tsakanin wanda ya kwanta da wuri, ya ɗauki matakin tashi, barci ya rinjaye shi, da wanda ya san sarai cewa kwanciyar ƙarfe biyu tana kashe masa Asuba, ya sake yin haka gobe da jibi. Sakacin na biyun ya faru ne tun lokacin da ya danna sabon zagaye. Bukhari ya ruwaito daga Abu Barza cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin sallar Isha'i da kuma hira bayanta. Idan hirar baki ce aka ƙi saboda abin da take jawowa, mai hankali ya auna wasan da ba ya barin ido ya runtse.

Sauran alamomin suna biyo baya. Ana tayar da iƙama kana cewa bari a gama wannan zagayen, domin wasan intanet ba a dakatar da shi, kuma kana jin nauyin barin abokai fiye da nauyin rasa raka'a. Mahaifiya ta kira ka sau uku kana amsawa da baki, jiki bai motsa ba. Ka fara ɓoye gaskiyar lokacin da ka kwanta, ko kuɗin da ka kashe wajen sayen UC ko diamonds, wato kuɗin cikin gem, wataƙila ma daga kuɗin makaranta ko na cefane. Idan aka ɗauke wuta ko caji ya ƙare sai ranka ya ɓaci, ka huce a kan ƙannenka. Game da kuɗin nan akwai ƙarin abin tsoro: akwatunan cikin gem da ake biya a buɗe ba tare da an san abin da zai fito ba sun yi kama da caca ƙwarai, kuma Allah ya ambaci caca a Suratul Ma'ida, aya ta 91, a matsayin abin da Shaiɗan yake kange mutane da shi daga ambaton Allah da salla.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma ta siffanta shi da abubuwa uku: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da na tsayawa, wasan ya riƙa shan gaban sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. A bisa al'ada sai an ga haka na tsawon wata goma sha biyu kafin a kira shi cuta, kuma yawancin masu wasa ba su kai can ba. Sai dai bai dace mai sallar da take kuɓucewa ya jira shekara kafin ya gyara ba.

Gyaran ya fara da sanin gaskiyar lissafi. Buɗe Digital Wellbeing a wayar Android, ko Screen Time a iPhone, ka duba sa'o'in makon da ya wuce. A nan ne kuma ake sanya wa kowane gem iyakar lokaci. Daga nan sai ka yi lissafi daga Asuba ka dawo baya: mai son sa'a bakwai kuma zai tashi ƙarfe biyar, ya kwanta ƙarfe goma. Tunda zagaye ɗaya na PUBG Mobile yana iya kai rabin sa'a, kuma zuciya ba ta lafawa nan take bayan fafatawa, kada a fara sabon zagaye bayan ƙarfe tara. Dokar ta kasance a kan lokacin farawa, domin wanda ya riga ya shiga da wuya ya fita. Haka ma kafin kowace salla: idan saura minti talatin a kira, ba a shiga.

Wasan rana ana iya rage shi a hankali, amma na tsakar dare a ganina yanke shi ake yi gaba ɗaya, tare da daina sayen datar dare da kuma ajiye waya a caji a wani ɗakin. Ka sanar da abokan tawaga a sarari cewa ka daina hawa bayan tara, ka kashe sanarwar gem ɗin, ka kuma haƙura da ladan shiga na kullum da suke bayarwa, domin an tsara shi ne don kada ka tsallake ko da rana ɗaya. A dararen farko barci ba zai zo da ƙarfe goma ba, tunda jiki ya saba da biyu da rabi. Ka riƙa matso da kwanciya da rabin sa'a duk bayan kwana uku, wanda zai kai ka ƙarfe goma cikin kusan wata guda, ka kuma roƙi wani a gida ya riƙa tashinka Asuba tun daga gobe, tare da gajeriyar ƙailula da rana.

Wanda ya gwada wannan sau da yawa ya kasa, ya goge gem ɗin na makonni, domin ragewa ba ta yi wa kowa aiki. Idan kuma an lura wasan mafaka ce daga baƙin ciki mai tsanani, ko yaro ya daina zuwa makaranta, ko ya fara ɗaukar kuɗin da ba nasa ba, to iyaye su haɗa addu'a da kai shi wurin likitan da ya san lafiyar ƙwaƙwalwa, domin ƙwace waya da duka ba sa taɓa abin da ya tura shi can.