Ambaliya a Apapa Ba Ta Wanke Sakacin Kwana Tara Ba

Na rubuta wannan ƙorafi ne daga shagona a Katsina, inda nake sayar da injinan feshi da manoma ke goyawa a baya, bayan kamfanin da na ba aikin fito mini da kwantena mai ƙafa 20 daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya aiko mini da takarda cewa ruwa ya mamaye hanyoyin tashar, manyan motoci sun kasa shiga, saboda haka kayana za su makara. Takardar ta kira lamarin abin da ya fi ƙarfin ɗan'adam, ta ce babu alhakin komai a wuyan kamfanin, sannan ta ba ni zaɓi uku: in jira ruwa ya janye, ko in biya ƙarin kuɗi a ɗora kwantenar a jirgin dako ta ruwa zuwa Ikorodu inda mota za ta ɗauka, ko kuma in karɓi takarduna in nemi wani ejan, su kuma su riƙe kuɗin aikin da suka ce sun yi.

Ban musanta cewa ruwa ikon Allah ne ba, kuma ba zan ce direba ya jefa tirela cikin ruwan da ya kai ƙirji saboda kayana ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka fake da guzuma aka harbi karsana. Da na shimfiɗa takardun a kan teburi na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga an sauke kwantenar daga jirgi kwana tara kafin ruwan ya zo, amma rasidin harajin kwastan ya nuna ba a biya ba sai a rana ta takwas, alhali na tura kuɗin tun jirgin yana kan teku. Kwana bakwai kamfanin jirgin ya ba mu kyauta a takardarmu, waɗanda ba zai caje mu kuɗin riƙe kwantena ba, kuma duk sun ƙare ne rana tana haske, hanya a bushe. Duk wanda aka aiko wa irin wannan takarda ya gwada kwanan watan sauke kaya da na rasidin kwastan, domin a nan ake gane jinkirin ruwa da jinkirin mutum.

Wannan bambanci kuɗi ne zunzurutu. Da zarar kwanakin kyauta sun ƙare, agogo biyu ne ke bugawa: dimarej da kamfanin jirgi ke caja saboda an riƙe masa kwantena, da kuɗin ajiya da masu kula da tasha ke caja saboda filin da ta tare, kuma farashin kowace rana yana hawa yayin da kwanaki ke ƙaruwa. Takardar ba ta ce uffan ba a kan wanda zai biya su. Da na kira, wani ma'aikaci ya ce mini, “Alhaji, a yi haƙuri, ai daga Allah ne,” na ce masa na yarda da hakan, amma ya gaya mini ko sun rubuta wa kamfanin jirgin suna neman a yafe kwanakin ambaliyar, sai ya yi shiru. Sharaɗin abin da ya fi ƙarfin ɗan'adam da ke cikin yarjejeniyarmu yana ɗage wa'adi ne gwargwadon kwanakin da matsalar ta hana aiki, kuma ya wajabta musu sanar da ni da wuri tare da yin ƙoƙarin rage asara. Ni kuwa sai da ruwa ya kwana huɗu saƙon ya iso.

Inshora ma ba za ta cece ni ba, domin inshorar kayan teku tana biyan kayan da suka lalace ne gwargwadon sharuɗɗanta, ba ta biyan asarar jinkiri. Injin feshi kuma kayan damina ne. Dillalai daga Mashi da Daura da Mai'adua sun ba ni kafin alƙalami, kullum suna tsaye a ƙofar shago, ciyawa tana cin gonakin mutanensu, kuma injin da ya iso bayan an gama feshi sai ya kwana a sito har baɗi da jarina a cikinsa.

Na zaɓi hanyar Ikorodu saboda lokaci, amma na rubuta musu cewa ba zan biya dimarej ko kuɗin ajiya na kwana ɗaya ba sai sun aiko mini da lissafi rana bayan rana da kwafin wasiƙar neman yafiya. Idan mako ya cika ban ga amsa ba, zan kai takardun gaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Shigo da Kaya da Fitar da su ta Najeriya, wadda ke sauraron irin wannan saɓani.